Yadda layin digiri 180 ya bi mu daga takarda har teburin edita

Wanda duk aka ba aikin kwantiniti karon farko a harkar fim, wato aikin lura da cewa komai ya dace tsakanin hoto da hoto, zai ji ana ta ambaton "layi" a lokeshan, kar a tsallake layi, an tsallake layi, amma da wuya a samu mai zama ya nuna masa inda layin yake. Haka na same shi lokacin da aka ɗauke ni wannan aiki a wani gajeren fim da muka yi a Kano cikin hunturu. Zan ba da labarin fitowa guda ɗaya tak, yadda ta faro a takarda, yadda aka ɗauke ta, da abin da muka tarar ranar haɗa hoto, don na baya kada ya sha ruɗanin da na sha.

Fitowar ba ta da wani sarƙaƙiya. Uba yana zaune a kujera a tsakar gida, ɗansa ya shigo ya durƙusa ya gaishe shi, uban ya yi masa nasiha ya miƙa masa ambulan na kuɗin mota, uwar ta fito daga ɗakin girki ta sa baki, sannan yaron ya fita ya hau Adaidaita Sahu zuwa tasha. Da aka ba ni rubutun labarin, darakta ya ce kafin komai in je in ga editan da zai haɗa fim ɗin, wani dattijo mai situdiyo a wajen titin Gidan Zoo. Na je da hantsi, na tarar yana kan aikin wasu, na zauna a benci har bayan azahar. Da ya samu sarari bai kunna kwamfuta ba, takarda ya yago da biro. Ya ce in zana masa tsakar gidan kamar ina kallonsa daga saman rufi, in sa ɗigo inda uban yake, in sa ɗigo inda ɗan yake. Na sa uban a yamma yana fuskantar gabas, ɗan a gabas yana fuskantar yamma. Ya ja layi ya haɗa ɗigon biyu, ya zarce da shi har ƙarshen takardar ta kowane gefe, ya ce: "To, ga layin nan, yaro. Ya raba gidan biyu, kudu da arewa. Ku zaɓi ɓangare ɗaya, kyamara ta zauna a can har a gama." Rabin da'irar da aka zaɓa shi ne digiri 180 ɗin da ake faɗa.

Na ce masa: "Maigida, idan an koma ɗaya ɓangaren me zai faru? Ai mutanen ba su motsa ba." Sai ya tambaye ni ko ina zuwa gidan kallon ƙwallo. Ya ce manyan kyamarorin da ke bin wasa duk a gefe ɗaya na fili suke, shi ya sa ƙungiyar da ke kai hari dama take ci gaba da kai hari dama har a tafi hutun rabin lokaci. Da za a ɗauko hoto daga ɗaya gefen ba zato, sai ka ga ɗan wasa ya juya yana gudu wajen ragarsu. Mai kallo ba ya cikin tsakar gidan, bai san gabas ba bai san yamma ba, hagu da dama na allo kaɗai yake da su. In kyamara tana kudu tana kallon arewa, uban zai fito a hagu yana duban dama, ɗan a dama yana duban hagu. Muddin haka ta ɗore a kowane hoto, ko da fuskar mutum ɗaya ce kawai a allo, mai kallo ya san wa yake kallo.

Daga nan muka fitar da wuraren ajiye kyamara. Na farko faffaɗan hoto, wanda ake kira masta, daga kudu, ya kwashe su duka da ƙofar ɗakin girki a baya. Na biyu ta bayan kafaɗar ɗan ana ganin fuskar uban, na uku ta bayan kafaɗar uban ana ganin fuskar ɗan. A nan ya ba ni wata dabara da ta fi min zanen ma amfani a cikin hayaniyar lokeshan: in ka ɗauka ta kafaɗar hagu ta mutum ɗaya, to ta kafaɗar dama ta ɗayan za ka ɗauka. A tsarinmu, kafaɗar hagu ta ɗan ce ke kudu, ta uban kuma ta dama. In ka ga an ɗauki duka biyun ta kafaɗar hagu, ko duka ta dama, an tsallake layi ke nan, ba sai ka duba takarda ba. Na tafi da zanen, da jerin hotunan da za a ɗauka kowanne da lambarsa, da takardar kwantiniti wadda na ƙara wa gurbi biyu: wane gefen allo mutum yake, kuma ina yake duba.

Kafin ranar ɗauka muka je ganin gidan, ni da darakta da mai ɗaukar hoto, bayan an nemi izinin mai gidan an kuma sanar da mai unguwa saboda ɗaukar da za a yi a titi. Wannan zuwan ne ya tabbatar da zaɓin kudu. Ta arewa akwai ɗakin girki da randuna, babu wurin ja da baya, ta kudu kuwa akwai fili. Sannan a hunturu rana a Kano ta kudu take karkata, ke nan da safe da tsakar rana hasken zai zo ta bayan kyamara ya sauka a kan 'yan wasa. Mun kuma warware batun uwar a tsaye a wurin, domin shigowar mutum na uku ita ce ta fi rikita ni. Mutum biyu layi ɗaya ne, mutum uku layi uku ne: uba da ɗa, uba da uwa, uwa da ɗa. Layin da ke aiki a kowane lokaci shi ne na mutum biyun da ke magana da juna. Darakta ya tsayar da uwar a arewa, tsakanin su biyun, tana fuskantar kudu. Da haka kyamarar da ke kudu ta zama tana ɓangaren da ya dace ga duka layukan uku. A hoton kusa na uwar, in da mijinta take sai ta dubi hagu, in da ɗanta take sai ta dubi dama, kuma masta ya riga ya nuna wa mai kallo tsayuwar kowa.

Ranar ɗauka an ce kowa ya iso da sassafe, amma jiran kayan haya da jiran ɗan wasan da ke fitowa a uba ya cinye mana safiyar. Kyamara da fitilu da janareta duk kuɗin yini ake biya, ga man janareta, ga abincin ma'aikata, saboda haka duk awar da ta wuce sai fuskar furodusa ta ƙara ɗaurewa. Sai bayan azahar muka fara. An ɗauki masta daga farko har ƙarshe ba tsayawa, daga shigowar yaron har fitarsa ta ƙofar zaure da ke gabas, wato ya fice ta daman allo. Na rubuta wannan da manyan baƙi, don shi zai yi mana jagora a titi. Sannan aka koma bayan kafaɗar hagu ta ɗan aka ɗauki uban. Wani abu da na lura da shi a nan, ɗan ba ya kallon ubansa cikin ido, kansa a sunkuye yake kamar yadda tarbiyya ta tanada. Na ɗauka hakan zai sassauta dokar, ashe ƙara mata nauyi yake yi. Tunda ido ba ya nuna inda abokin magana yake, juyin kafaɗa da gefen da hanci ya karkata su ne kaɗai suka rage wa mai kallo. Akwai kuma tsayi: uban yana kan kujera, ɗan yana ƙasa, dole duban uban ya sauka ƙasa, na ɗan in ya ɗago ya hau sama. Lokacin da aka matso don hoton uban shi kaɗai, darakta bai yarda ɗan ya tashi ya huta ba, ya bar shi durƙushe a wurinsa kusa da kyamara, domin idon uban ya sauka inda ya kamata.

A wannan ɗaukar ne darakta ya nace a kan abin da daga baya na gane amfaninsa: kowane hoto a fara shi kafin motsi, a ƙare shi bayan motsi. Durƙuson yaron an ɗauke shi cikakke a masta, an kuma sake ɗaukarsa cikakke a hoton kusa, tun daga tsaye har gwiwa ta taɓa ƙasa, da sauri iri ɗaya. Miƙa ambulan ma haka. 'Yan wasa sun gaji da maimaici, amma aikina ne in tabbatar hannun da ya miƙa a masta shi ne ya miƙa a kusa, kuma a kan kalma ɗaya.

Da muka zo hoton fuskar ɗan, la'asar ta yi, rana ta gangara yamma maso kudu. Kyamara tana bayan kafaɗar dama ta uban, ranar kuma tana bayan kyamarar, sai inuwar mai ɗaukar hoto da ta sandar makirfo suka kwanta a ƙirjin yaron. Mai ɗaukar hoto ya ɗaga kyamara ya zagaya bayan kujerar, ya ajiye ta bayan kafaɗar hagu ta uban. Taku biyu ne kawai, inuwa ta tafi, hoton ya yi kyau ƙwarai. Na leƙa ƙaramin allon, na ga yaron yana duban dama. Na duba takardata, uban ma dama yake duba. Gabana ya faɗi. Na matsa kusa da darakta na ce: "Oga, an tsallake layi." Ya duba, ya yarda, amma gyaran yana buƙatar a kafa labulen tare rana a kuma kunna fitila, ga haske yana tafiya, ga ɗaukar titi ba a yi ba. Furodusa ya ce babu kuɗin ƙarin yini, mai ɗaukar hoto ya ce edita zai juya hoton a kwamfuta. Abin da na iya samu shi ne aka ƙara hoto ɗaya na hannaye kawai lokacin miƙa ambulan, daga kudu, na kuma rubuta a gaban lambobin hotunan fuskar ɗan cewa daga arewa aka ɗauke su. Na bar wurin zuciyata ba daɗi.

A titi abin ya zo da sauƙi don mun shirya masa. Yaro ya fita ta daman allo a tsakar gida, to a waje dole ya shigo ta hagu ya nufi dama, in ba haka ba sai a ga kamar ya fasa tafiyar ya juyo gida. Mun yanke cewa duk tafiyar barin gida daga hagu zuwa dama ce, dawowarsa a ƙarshen fim kuma daga dama zuwa hagu. Ko titin ya nufi tashar gaske ko bai nufa ba, wannan bai shafi mai kallo ba, gefen da kyamara ta tsaya shi ne magana. Tunda a Najeriya hannun dama ake tuƙi, in ka tsaya a bakin titi, ababen hawan da ke hannun da ya fi kusa da kai daga hagu suke zuwa su wuce dama. Saboda haka muka tsaya a bakin hannun da Adaidaitar take bi, aka samu abin da ake so. Hoton cikinta ma ta gefen dama na fasinja aka ɗauka, don fuskarsa ta fuskanci daman allo. Darakta ya ƙara hoto ɗaya da Adaidaitar take tunkaro kyamara kai tsaye. Irin wannan hoton a kan layin yake, ba shi da hagu ba shi da dama, don haka ana iya sa shi tsakanin hotuna biyu da alƙiblarsu ta saɓa.

Ranar haɗa hoto na koma situdiyon da ma'ajiyar da aka zuba hotunan a ciki da takarduna. Kuɗin edita na aikin gaba ɗaya aka yi ciniki, amma layin jira yana nan, ga ɗauke wuta. Da muka zauna ya jera masta, ya sa fuskar uban, ya sa fuskar ɗan, ya kunna. Ko da na san abin da zan gani, sai da ya ba ni mamaki. Uban yana magana yana duban dama, aka yanka, ɗan ma yana duban dama. Sai ka rantse su biyun wani mutum na uku suke kallo a bayan fage, ko kuma yaron ya juya wa ubansa baya. A fitowar da ke kan ladabi da nasiha, wannan ya sauya ma'anar labarin ɗungurum.

Ya gwada abin da aka ce zai yi, ya ɗora `Horizontal Flip` a kan hoton, wato ya juya shi kamar a madubi, hagu ta koma dama. Yaron ya koma duban hagu, komai ya daidaita, har aka zo karɓar ambulan. A ɗaukar gaske da hannun dama ya karɓa, hagu tana tallafe da shi. Da aka juya hoton sai ga shi yana karɓar kuɗi daga hannun mahaifinsa da hagu. Editan ya tsayar da hoton ya ce: "Ba Bahaushen da zai ga wannan bai lura ba." Agogonsa ma ya koma ɗaya hannun, aljihun rigarsa ya sauya gefe. Juya hoto yana aiki ne kawai in babu rubutu, babu hannu, babu wata alama a fuska ko a bango da mai kallo ya riga ya riƙe. Saboda haka muka yi amfani da juyayyen hoton a wurare biyu da fuska ce zalla, ya ɗan matso da shi don aljihun ya fita, wajen karɓa kuma muka sa hoton hannayen nan. Saura jimlar ƙarshe da yaron ya ɗago ya amsa wa uwarsa, wadda ba ta gyaru ba ta kowace hanya. Dole aka sake hayar kyamara ta rabin yini, aka nemo ɗan wasan da rigar, aka ɗauke shi a jikin bango mai launi irin na gidan. Kuɗin da aka guje wa kashewa a kan labule da fitila, an kashe fiye da shi.

Sauran zaman a kan lokacin yanka ya tafi, kuma a nan na fi ƙaruwa. Ni a tunanina duk wanda ke magana shi ake nunawa. Editan ya ce in aka yi haka hoto sai ya riƙa kai da komo ba dalili, kuma mai kallo zai riƙa sanin yanka kafin ta zo. A tsakiyar nasihar, inda uban ya ambaci rashin lafiyarsa, ya yanka zuwa fuskar ɗan alhali muryar uban tana ci gaba, domin a wannan lokacin labarin yana fuskar mai sauraro. Muryar uwar kuma ya shigo da ita kafin a gan ta, uban ya juya kai, sannan aka yanka zuwa gare ta. Juyawar kan ce ta sa mai kallo son ganin abin da aka duba, yankar ta zo ta biya masa buƙata.

Wajen durƙuson ya nuna min da firem-firem, wato ɗaiɗaikun hotunan da ke jeruwa su ba da motsi, a hoton da ke tafiya firem 25 a daƙiƙa. Da ya yanka kafin yaron ya fara sunkuyawa, sai ka ji yankar kamar tuntuɓe. Da ya bari har ya gama durƙusawa, haka. Da ya yanka a daidai lokacin da gwiwa ta lanƙwashe jiki ya fara sauka, ya kama hoton kusa a wannan gaɓar ta motsin, sai na kasa ganin inda aka yanka, ido ya bi motsin ya manta da sauyin. Firem biyu ko uku gaba ko baya suna sauya yadda abin yake zama, kuma ba don an ɗauki motsin cikakke a hotunan biyu ba, da babu abin da zai zaɓa a ciki. Akwai kuma hotuna biyu na uban da ya ƙi haɗawa kai tsaye, domin kyamara ba ta matsa sosai tsakaninsu ba, girman ma kusan ɗaya ne. In aka haɗa su sai kan uban ya yi tsalle kamar an cire wani yanki. Ƙa'idar da ake bi ita ce kyamara ta matsa aƙalla digiri 30 a kewayen mutum tsakanin hoto da hoto, gara ma a haɗa da sauya girma, daga ƙugu zuwa fuska misali. Ya raba su da hoton ɗan a tsakani. Fitar yaron kuwa, ya bari ya fice daga allo gaba ɗaya, tsakar gida ta zauna babu shi na ɗan lokaci, sannan ya yanka zuwa titi. Wannan ɗan gurbin ne ya ba da damar tsallake zaure da ƙofar gida ba tare da an ji an yi gaggawa ba.

Abin da zan gaya wa mai shiga wannan aiki shi ne ya je wajen edita kafin ɗauka, ba bayanta ba, ya kuma riƙe zanen sama a aljihu. Ranar ganin wuri a tambayi inda rana za ta kasance da la'asar, ba da safe kawai ba, tunda jadawali ba ya cika zama yadda aka tsara, a kuma sa kayan tare rana cikin lissafin haya tun farko. Duk lokacin da aka ɗaga kyamara daga wurinta, mai kwantiniti ya leƙa allo ya duba gefen da hanci ya nufa kafin a ce akshin. Sannan tsallake layi ba haramun ba ne, hanya gare shi. Ana iya tafiya da kyamara tana ɗauka ta zagaya bayan ɗan wasa a idon mai kallo, ko ɗan wasa ya tashi ya sauya wuri a cikin faffaɗan hoto sabon layi ya kafu, ko a ratsa da hoton da ke kan layin. In an koma ɗaya ɓangaren ta ɗaya daga cikin waɗannan, sai a zauna a can, a sake ɗaukar fuskokin duka biyu daga sabon ɓangaren, a rubuta a takarda daga wace jimla aka koma.